Sakan Takwas a Teburin Mai Shayi: Yadda Ake Rubuta wa Inji Bayanin Bidiyo

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu mayar da rubutu bidiyo duk fuskarsu ɗaya ce idan aka buɗe su: akwati ne fanko yana jira a rubuta masa abin da ake so. Yawancin mutane kalma huɗu ko biyar suke zubawa su danna. A ce mai gidan burodi ne a Kano yake son ɗan gajeren bidiyon talla da zai ɗora a waya, na mai shayi yana aikinsa da dare, sai ya rubuta wannan:

```
A tea seller in Kano
```

Bidiyo zai fito, kuma mai yiwuwa ya yi kyau. Sai dai da wuya ya zama mai shayin da aka sani. Sau da yawa abin da ake samu mutum ne tsaye a wata kasuwa da rana tsaka, da ƙananan kofunan gilas irin na Indiya ko na Maroko a gabansa, sanye da tufafin da ba na kowace ƙasa ba, yana murmushi yana ɗan motsa hannu ba tare da ya yi wani aiki takamaimai ba, kyamara kuma tana matsowa a hankali ba wanda ya sa ta. Injin bai yi kuskure ba. An bar masa giɓi ne, ya cike da abin da ya fi gani. Kamar ka miƙa wa tela yadi ka ce masa "ɗinka mini riga" ka juya ka tafi: zai ɗinka, amma irin wadda yawancin masu zuwa shagonsa suke karɓa.

Wannan fasaha ba ta daɗe ba. A watan Satumban 2022 kamfanin Meta ya nuna Make-A-Video, wanda ke fitar da 'yan guntayen bidiyo masu dishi-dishi. A 2023 duniya ta sha kallon wani bidiyon bogi na jarumi Will Smith yana cin taliya, fuska tana narkewa, hannu yana rikiɗa. Cikin Fabrairun 2024 sai OpenAI ya nuna Sora, a watan Yunin shekarar kamfanin Kuaishou na ƙasar Sin ya fito da Kling, Runway kuma ya fito da Gen-3 Alpha. A watan Mayun 2025 Google ya sanar da Veo 3, mai haɗa hoto da sauti, wanda a lokacin kowane guntun bidiyonsa sakan takwas ne. Ingancin hoton ya yi nisa ƙwarai cikin shekara uku. Abin da bai sauya ba shi ne dogaron da injin yake yi da rubutun da aka ba shi.

Dalilin yana cikin yadda aka horar da shi. An nuna wa injin ɗimbin guntayen bidiyo, kowanne haɗe da rubutun da ke bayyana abin da ke cikinsa. OpenAI ya faɗa a rahoton da ya fitar kan Sora cewa sai da suka sa aka rubuta wa bidiyoyin horon dogon bayani filla-filla, domin hakan ya sa injin ya fi bin abin da aka rubuta masa. Idan aka zo yin sabon bidiyo, yawancin waɗannan injuna suna farawa ne daga hoto mai yayyafi zalla, irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, sai su riƙa share yayyafin mataki-mataki, a kowane mataki suna karkata zuwa ga abin da ya dace da rubutun. Saboda haka rubutun da ya fi aiki shi ne wanda ya yi kama da waɗancan bayanan na horo. Ka ɗauka bidiyon ya riga ya wanzu, yana gabanka, kana gaya wa wanda ba ya ganinsa abin da ke kan allo. Roƙo irin "don Allah yi mini bidiyo mai ban sha'awa wanda zai ja hankalin masu saye" ba shi da hoto a cikinsa. Injin ba ya ganin nufinka, ba ya ganin burodin da kake son sayarwa. Abin da ido zai iya gani kaɗai yake iya zanawa.

Wane ne a cikin hoton

A nan ne mu Hausawa muke da aiki fiye da wanda yake son bidiyon Bature yana shan kofi a birnin Faris. Hotunan wancan sun cika bidiyoyin da aka yi horo da su, namu kuwa kaɗan ne. Sunan gari ko sunan ƙabila ba ya ɗauke da nauyin da muke zato. Ka rubuta `Kano` a ranka kana ganin ganuwa da Kwari da A Daidaita Sahu, injin kuwa abin da yake da shi a kan wannan suna bai taka kara ya karya ba, don haka sai ya jingina da kalmar da ya fi sani a cikin jimlar, wato mai sayar da shayi, ya kawo wanda ya fi yawa a taskarsa.

Maganin shi ne a warware suna zuwa siffa. Maimakon a tsaya a kan "Bahaushe mai shayi", a faɗi abin da mai kallo zai gani: mutum baƙi, siriri, mai kimanin shekara arba'in, da ɗan gemu, sanye da kaftani shuɗi mai haske wanda ya naɗe hannuwansa zuwa gwiwar hannu. Hula ita ce ta fi ba da wahala. Idan aka rubuta `cap` kawai, hana-salla ake samu. Idan aka rubuta zanna bukar ko kube da sunansu, injin yakan yi biris da kalmar ko ya ƙirƙiro wani abu daban. Abin da ke aiki shi ne fasalinta: zagayayya ce, ba ta da baki, tana da tsayi, samanta a shafe, an yi mata aikin zare. Da Turancin da ake bugawa, `a tall brimless embroidered cap with a flat top`. Sunan wurin a bar shi a ciki, yana taimakawa kaɗan, amma kada a ɗora masa dukan kayan.

Haka ma teburin. Mai shayinmu ba da buta mai dogon baki da ƙananan kofuna yake aiki ba. Manyan kofuna ne masu mariƙi, na roba ko na silba, da teburin katako, da burodi a jere cikin leda, da gwangwanayen madara, da babbar tukunya a kan wuta a gefe, da benci. Ba duka za a lissafa ba. Abu uku ko huɗu da suka fi bayyana wurin sun isa, domin duk abin da aka ƙara yana rage kulawar da injin zai ba sauran, kuma kowane ƙarin kaya wata dama ce ta ɓaci. Gwangwanin madara misali ne mai kyau. Idan aka ambaci sunan kamfani, injin zai yi ƙoƙarin rubuta shi a jikin gwangwanin, kuma ƙananan haruffa a jikin kaya na cikin abubuwan da har yanzu suke fitowa a karkace ko su riƙa sauyawa ana kallo. Gara a ce gwangwanaye marasa rubutu, `plain unlabelled tins`, sunan burodin kuma a ɗora shi daga baya a manhajar tace bidiyo, inda harafi yake zama inda aka ajiye shi.

Kalmomin hali ma sai an mayar da su abin gani. "Mai ƙwazo", "mai gaskiya", "wanda ya gaji da wahalar rayuwa", duk babu wanda kyamara take ɗauka. Tana ɗaukar idon da ke kan kofi ba ya ƙiftawa, da gumi a goshi, da kafaɗar da ta ɗan rusuna. Sannan mutum ɗaya ya fi sauƙin sarrafawa. Da zarar an ce mutum uku, wannan da jar hula wancan da fara, sai launuka su fara tsallakawa daga kan wani zuwa kan wani. Masu shan shayin a bar su a baya, a ce suna zaune a benci, ba a fayyace su ba.

Abin da ke motsi, da yadda yake motsi

Wannan ne ya raba bidiyo da hoto, kuma shi ne aka fi mantawa. Mutum zai ɓata layi biyar yana bayyana riga da hula, ya bar motsi da kalma ɗaya. Idan ba a faɗi motsi ba, injin yakan ba da abin da ya fi aminci a wurinsa: mutum a tsaye yana numfashi, yana ɗan juya kai, tamkar hoton da aka hura wa rai.

Abu na farko da za a riƙe shi ne ƙarancin lokacin. Yawancin manhajojin nan sakan biyar zuwa goma suke bayarwa a zama ɗaya. Sakan takwas a kan hoto 24 kowane sakan, hotuna 192 ke nan a jere, kuma a cikinsu duk abin da aka rubuta zai faru. Wanda ya rubuta cewa mai shayi ya tarbi baƙo, ya ɗebo ruwan zafi, ya zuba madara, ya sheƙa, ya yanka burodi, ya miƙa, ya karɓi kuɗi, ya rubuta aikin minti biyu ne. Injin zai yi ɗayan uku: ya zaɓi aiki ɗaya ya watsar da sauran, ko ya cusa su duka cikin gaggawa har wuƙar burodi ta tsiro daga cikin kofi, ko ya yanka bidiyon gida-gida ba tare da an nema ba, fuskar mutumin tana sauyawa a kowane gida. Akwai gwaji mai sauƙi kafin a danna komai. Ka tashi ka kwaikwayi aikin da hannunka kana ƙirga sakan takwas. Abin da bai shiga ba, na wani guntun ne.

To wane aiki ɗaya za a zaɓa? A teburin mai shayi babu kamar sheƙawa, lokacin da ya ɗaga kofi sama ya saki shayin ya zubo dogo zuwa kofin da ke ƙasa. Shi ne abin da kowa yake ganewa ko daga nesa, kuma yana da farko da ƙarshe. Amma rubuta `pours tea` bai isa ba, domin zuba shayin da injin ya fi sani shi ne daga buta zuwa kofin da ke ajiye a tebur. Dole a faɗi daga ina zuwa ina, da wane irin sauri, da kuma yadda abin zai ƙare. Kofi ɗaya yana sama daidai kafaɗa, ɗaya yana ƙasa daidai ƙugu. Shayin mai madara ne, launin ƙasa-ƙasa, yana zuba siriri ba yankewa. Kumfa tana tasowa a kofin ƙasa. A ƙarshe ya sauke kofin sama. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani fiye da yadda ake zato, domin idan ba a ba aikin wurin tsayawa ba, sai ka ga shayi yana ta zuba daga kofin da ya kamata a ce ya daɗe da ƙarewa.

Na faɗi "sama" da "ƙasa", ban ce hannun dama da na hagu ba, kuma da gangan ne. OpenAI da kansa ya lissafa rikita dama da hagu cikin raunin Sora tun ranar da ya nuna shi, tare da wani raunin da ya shafe mu kai tsaye: mutum zai gatsi biskit, amma biskit ɗin ya kasance babu gurbin haƙori. Injin bai san cewa abin da ya bar wannan kofi dole ya taru a wancan ba. Ya dai ga yadda irin wannan hoto yake bin irin wancan. Sababbin injuna sun rage wannan matsala sosai, amma ruwa da yatsu da abin da ke wucewa daga hannu zuwa hannu su ne har yanzu wuraren da ɗinkin yake fara warwarewa. Shi ya sa zuba ɗaya ya fi aminci a kan a ce ya riƙa juyawa daga wannan kofi zuwa wancan sau uku, ko da yake hakan mai shayi na gaske yake yi. A wurin musayar kofunan ne ɗaya yake ɓacewa ko su zama uku.

Akwai kuma motsi na biyu, ƙanana, waɗanda suke sa wuri ya zama mai rai: tururi yana tashi, fitilar babur ta gifta can baya. Ɗaya ko biyu sun wadatar. Tururi yana da daɗin aiki domin ba shi da tsayayyar siffa, ko injin ya ɗan kauce ba mai lura.

Inda kyamara take tsaye

Masu aikin fim a Kano sun san cewa kafin darakta ya ce a fara, mai ɗaukar hoto ya riga ya amsa tambaya uku: nisan kyamara daga ɗan wasa, tsayinta daga ƙasa, da ko za ta motsa. Tambayoyin nan su ne mai rubuta wa inji yake amsawa, kuma injin ya fi jin su da kalmomin da masu fim suke amfani da su, tunda da su aka yi wa bidiyoyin horo bayani.

Nisa shi ne ke yanke abin da zai shiga. `wide shot` yana nuna mutum gaba ɗaya da wurin da yake, `medium shot` daga ƙugu zuwa sama, `close-up` fuska ko hannu kaɗai. A nan ana yawan yin wani kuskure da ba a ganewa: a nemi ɗauka ta kusa, sannan a bayyana takalmin mutumin da bencin da ke bayansa da titin da ke gefe. Rubutun ya saɓa wa kansa, don haka injin zai ja da baya domin ya shigar da takalmin, ɗaukar kusa ta tafi. Abin da ba zai shiga hoton ba kada a ambace shi. Ga mai shayinmu ɗauka ta tsakiya ce daidai, domin tana ɗauke kofin sama da na ƙasa da fuska a lokaci guda. Ta nesa za ta ƙanƙantar da fuska da yatsu, kuma ƙananan fuskoki su ne suke fara lalacewa. Ta kusa sosai za ta yanke tsawon zubar shayin, wanda shi ne dalilin bidiyon.

Tsayi yana sauya ma'ana. Kyamara daidai ido, `eye level`, tana ba da ganin wanda ya zo saye yana tsaye. Daga sama, `high angle`, tana nuna kayan tebur amma tana ƙasƙantar da mutumin. Daga ƙasa, `low angle`, tana ɗaukaka shi, tana kuma ƙara wa zubar shayin tsawo. Ni wannan na ƙarshe zan zaɓa, amma kaɗan, kamar ganin wanda yake zaune a benci yana jiran nasa. Wurin da mai shan shayi yake kallo ke nan a zahiri, kuma mai kallon tallar zai ji haka ko bai san dalili ba.

Motsin kyamara kuwa yana da sunaye da ake cakuɗawa. `pan` shi ne kyamara tana tsaye a wurinta tana juya kai gefe. `tilt` juya kai sama ko ƙasa. `dolly in` ita kanta kyamarar ce take tafiya gaba, `tracking shot` kuma tana bin mai tafiya. Ƙa'idar da na ga ta fi amfani ita ce: idan motsin mutumin mai wuya ne, kyamara ta natsu. Shayi mai zuba da hannu biyu a sama sun isa injin aiki. Idan aka ƙara masa kyamara mai kewaya mutumin, sai ya zana kowane kofi daga sabuwar kusurwa a kowane hoto, a nan ne mariƙin kofi yake komawa ɗaya gefen. Kyamara mai zagaye ta dace da abin da yake ajiye, kamar burodi a kan faranti.

Yadda ake faɗin natsuwar ma yana da muhimmanci. Kamfanin Runway ya gargaɗi masu amfani da manhajarsa su guji rubuta abin da ba sa so, domin yana iya haifar da akasinsa. Wanda ya rubuta `no camera movement` ya sa kalmar motsi a cikin rubutunsa, injin kuma kalmomin da ke nan yake bi, bai cika kula da korewar da ke gabansu ba. A rubuta `static camera` ko `locked-off shot`. Wasu manhajojin suna da akwati na daban mai suna `negative prompt`, a can ne ake jera abin da ba a so, sunayensu kawai.

Haske, launi da kamannin hoton

An saba cika ƙarshen rubutu da `cinematic, 4K, masterpiece`. Girman hoto ba daga rubutu yake zuwa ba, a saitin manhaja ake zaɓarsa, haka ma fasalin allo: `9:16` na tsaye domin waya, `16:9` na kwance domin talabijin. Kalmar `cinematic` tana da tasiri, sai dai tasirinta na kowa ne, tana ba da ƙyalli iri ɗaya da ya sa ake gane bidiyon inji da kallo ɗaya. Salo na gaskiya yana fitowa daga amsa ƙananan tambayoyi. Hoton gaske ne ko zane? Daga ina haske yake zuwa, wane launi ne? Bayan mutumin a fayyace yake ko a dushe?

Haske shi ne kan gaba, musamman ga baƙar fata da dare. Idan aka rubuta `at night` aka yi shiru, ko dai fuskar ta nutse cikin duhu, ko injin ya haskake fatar har mutumin ya koma wani jinsi. A ba hasken tushe da wuri: ƙwan fitila ɗaya rataye a saman tebur, haskensa mai ɗumi yana sauka a fuska da hannu, jan garwashi daga gefe, bayan kuma shuɗin duhu. Da an faɗi haka, injin ya san inda inuwa za ta faɗa, tururin ma zai fito fili domin yana da hasken da zai ratsa shi.

Akwai wani abu da yake damuna a nan. Da zarar an ambaci Afirka, injunan nan sukan shafa wa hoto launin rawaya mai ƙura, su ƙara tsummokara da tarkace, domin haka finafinai da rahotannin waje da yawa suka saba nuna mu. Wanda bai faɗi komai ba ya amince da wannan ke nan. Idan tebur mai tsabta ake so da launi na gaskiya, sai an rubuta: `clean, tidy stall` da `natural colours`. Salo kuma ɗaya ake zaɓa. Wanda ya haɗa hoton gaske da zanen katun a layi guda zai sami fuska mai santsi kamar ta roba, ba ta zama ko ɗaya ba.

Ga abin da rubutun nan na kalma biyar ya koma:

```
Medium shot, slightly low angle, static camera.
A slim dark-skinned Nigerian man in his forties, short beard,
light blue kaftan with rolled sleeves, tall brimless embroidered
cap, stands behind a clean wooden tea stall in Kano at night,
loaves of bread stacked beside him. He holds one large metal mug
at shoulder height and pours milky tea in one long thin stream
into a second mug at waist height. Foam rises, steam drifts up,
then he lowers the upper mug. One warm bulb above lights his face
and hands, dark blue street blurred behind. Realistic documentary
style, natural colours.
```

Turancin ba mai zurfi ba ne, kuma ba a bukatar ya zama. Gajerun jimloli ne masu faɗin abin da ke faruwa yanzu. An fara da kyamara domin ita ce ke iyakance sauran, sai mutumin da wurinsa, sai aikin daga farkonsa zuwa ƙarshe, sai haske da salo. Wannan jeri ba doka ba ne, amma abin da ya fi muhimmanci ya kamata ya zo da wuri, kada a binne shi a layi na tara. Game da harshe, injunan sun fi jin Turanci nesa ba kusa ba, kuma rubutun Hausa yakan rasa rabin bayaninsa a hanya. Duk da haka ina ba da shawarar a fara tsara shi da Hausa a takarda, domin a harshen da mutum yake tunani ne yake gane cewa bai faɗi inda fitila take ba. Juyawa zuwa Turanci aiki ne ƙarami idan hoton ya riga ya zauna.

Idan bidiyon ya fito

Kallon farko a waya yakan ruɗi mutum, komai ya yi kyau. A sake kallo a hankali, ana tsayarwa. A ƙirga yatsu a lokacin da hannu yake sama. A duba ko shayin yana sauka cikin kofin ko yana ratsa gefensa. A kwatanta aikin hula a sakan na farko da na ƙarshe, a duba ko burodin da ke gefe ya ƙaru ko ya ragu. Sannan a raba matsala gida biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan injin ya kawo buta a maimakon kofi, ko rana a maimakon dare, rubutun ne bai fayyace ba ko wata kalma ta rinjayi wata, sai a gyara rubutun. Idan kuwa komai ya zo daidai sai yatsa ɗaya da ya narke, rubutun ba shi da laifi. Kowane gwaji daga sabon yayyafi yake farawa, don haka rubutu ɗaya ba ya ba da bidiyo ɗaya sau biyu, sake dannawa kawai yana iya wadatarwa.

Wurin gyara, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya kusurwa da haske da tufafi tare, in bidiyon ya gyaru bai san wanne ya gyara shi ba, in ya lalace ma haka. Kuma kowane gwaji kuɗi ne, tunda yawancin manhajojin da ƙididdiga suke sayar da aikinsu, ga kuma data. Inda manhaja ta ba da damar riƙe lambar `seed`, wato lambar da ke tsayar da yayyafin farko, a riƙe ta, domin a ga tasirin kalmar da aka sauya ita kaɗai. A kuma duba ko manhajar tana faɗaɗa rubutu da kanta kafin ta aika wa injin, kamar yadda OpenAI ya ce ana yi wa gajeren rubutu a Sora. Idan kayan da ba a nema ba suna ta bayyana, sau da yawa daga nan ne, kuma cikakken rubutu yana rage wurin da za a yi masa ƙari.

Akwai inda kalmomi suke ƙarewa. Aikin zaren hula, ɗinkin wuyan kaftani, ainihin burodin gidanka da siffarsa, babu jimlar da za ta kawo su daidai. A nan sai a koma ga hanyar da Kling da Runway da Veo duk suke da ita, ta fara bidiyo daga hoto. A je teburin mai shayi na gaske, a nemi izininsa, a gaya masa abin da za a yi da hoton, a biya shi idan talla ce, a ɗauke shi daga kusurwar da ake so da hasken da ake so. Hoton ya riga ya amsa tambayar mutum da wuri da salo, saboda haka rubutun sai ya taƙaita ga motsi da kyamara kaɗai. Sake bayyana rigar da ke cikin hoton yana iya sa injin ya sake zana ta. Layi biyu sun isa:

```
He pours the tea in one long stream into the lower mug.
Steam rises. Static camera.
```

Wannan hanya ce kuma take warware matsalar tallar da ta wuce sakan takwas. Idan ana son guntu na biyu inda mai shayin yake yanka burodi, da na uku inda yake miƙawa, rubutu kaɗai zai kawo mutum uku mabambanta, ko da an kwafe siffarsa kalma da kalma. Sai a ɗauki hoto uku na mutum ɗaya a wuri ɗaya da fitila ɗaya, kowanne a ba shi aikinsa guda da nasa layin motsi, a haɗa guntayen a manhajar tace bidiyo, a can kuma a ɗora sunan burodin da muryar mai talla da Hausa.